Lambobi Uku da Ke Nuna Inda Tallan Imel Ya Tsaya

A darasin tallan intanet, ɗalibi yakan zaci aiki ya ƙare da zarar saƙo ya tafi, alhali a nan lissafi yake farawa. Ga misali irin wanda ake bayarwa a aji, da alƙaluman da aka tsara domin koyo.

A ce mai shagon atamfa ta tura tallan rangwamen Sallah ga adireshin imel 5,200. Guda 200 sun dawo saboda adireshin ya mutu ko akwatin ya cika. Waɗanda suka isa 5,000 ne, kuma da su ake lissafi.

Mutum 1,250 suka buɗe saƙon. In aka raba 1,250 da 5,000, adadin buɗewa ya zama kashi 25 cikin 100. Wannan ma'aunin yana auna taken saƙo da sunan mai aikowa, domin su ne mutum yake fara gani kafin ya buɗe. Sai dai ba a cika dogara da shi ba. Ana ƙirga buɗewa ne ta wani ɗan mitsitsin hoto da ke ɓoye cikin saƙo, kuma tun 2021 manhajar imel ta Apple takan sauke hoton da kanta ko mai wayar bai duba ba. Saboda haka lambar takan kumbura.

Mutum 150 ne suka latsa mahaɗin da ke kai su shafin shagon. Raba 150 da 5,000 ya ba da kashi 3, adadin latsawa ke nan. Shi ke nuna ko abin da ke cikin saƙon, wato hoto da farashi da kiran a zo a saya, ya ja hankali.

Cikin 150 ɗin, mutum 9 suka biya kuɗi. Adadin ciniki ya zama kashi 6. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin wasu da 5,000 suke rabawa, sai su sami kashi 0.18. Duka lissafin biyu daidai ne, amma dole mai rahoto ya faɗi da me ya raba, in ba haka ba kwatanta talla biyu ya zama shirme.

Amfanin lambobin shi ne nuna inda za a gyara. In buɗewa ta yi ƙasa, a sauya take, ko a duba ko saƙon yana faɗawa akwatin tarkace. In an buɗe ba a latsa ba, matsalar tana cikin saƙon. In kuwa an latsa ba a saya ba, imel ya yi nasa, sai a binciki shafin: ko yana nauyin buɗewa a waya, ko kuɗin kai kaya ne ya kori mai saye a matakin ƙarshe.