Rabin Lambar da ke Cinye Makin Ɗalibai

Malamin lissafi ya rubuta tambaya da hannunsa, aka kai shagon hoto aka buga wa aji. Tambayar ita ce: ɗalibi ya shiga jarrabawa mai tambayoyi 100, kowace amsarta “eh” ko “a'a”, bai yi karatu ba, sai canki-canka. Mene ne yiwuwar ya dace da 60 ko fiye?

Adadin amsoshin da zai dace da su yana bin tsarin da ake kira binomiyal: gwaji iri ɗaya ana maimaitawa, sakamako biyu kacal, yiwuwar dacewa ba ta canzawa. Wanda ya nace sai ya bi asalin ƙa'idar zai lissafa yiwuwar 60, da ta 61, har zuwa 100, sannan ya haɗa. Lissafi 41 ke nan, kuma lokaci zai ƙare bai kai rabi ba. Mafita ta samu tun 1733, lokacin da Abraham de Moivre ya nuna cewa idan gwajin ya yi yawa, zanen binomiyal yana ɗaukar siffar ƙararrawa, wato lanƙwasar nomal. Sai a nemi matsakaici, np = 100 × 0.5 = 50, da ma'aunin bazuwa, √(np(1 − p)) = √25 = 5, a tafi jadawalin z.

A nan gizo ke saƙar. Amsoshi ƙirga su ake yi, babu wanda ke cin 59 da ɗigo 7. Lanƙwasar nomal kuwa an yi ta ne don abin da ake aunawa, kamar tsawo da nauyi, kuma yiwuwa a cikinta faɗin filin da ke ƙarƙashinta ne. Lamba guda a kan layi ba ta da faɗi, don haka idan ka tambayi lanƙwasar yiwuwar cin 50 daidai, sifili za ta ba ka, alhali 50 ɗin ce ta fi kowace lamba yiwuwa.

Gyaran shi ne a yanka wa kowace lamba fulotinta. Lamba 60 tana zaune a tsakiyar fili mai faɗin ɗaya, daga 59.5 zuwa 60.5. Tunda tambayar ta ce “60 ko fiye”, 60 tana ciki, dole a ɗauki filinta gaba ɗaya, a fara daga 59.5:

z = (59.5 − 50) / 5 = 1.9

Jadawali ya ba da 0.0287. Wanda ya manta gyaran ya fara daga 60, ya sami z = 2, amsarsa 0.0228, domin ya yar da rabin filin 60. Amsar gaskiya ta binomiyal kuwa 0.0284 ce. Mai gyara ya kusa taɓa ta, marar gyara ya yi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Haka tambayar 50 daidai: daga 49.5 zuwa 50.5 ana samun 0.0797, ta gaskiya 0.0796.

Rubutun hannu yana ƙara wata matsala. Tsakanin ≥ da > ɗan layi ne guda a ƙasa, wanda biro mai ƙarewa ko injin hoto mai ƙarancin tawada kan iya shafewa. Idan X > 60 aka nufa, 60 ta fita, a fara daga 60.5, z ya zama 2.1, amsa 0.0179. Dubi tazarar da ke tsakaninta da 0.0287, duk saboda ɗan layin nan. Idan alamar ta dushe, ɗalibi ya tambayi mai sa ido, in kuma ba hali, ya rubuta a saman amsarsa yadda ya karanta ta, don mai duba takarda ya ga hanyar da ya bi.

A ganina haddace “ƙara rabi, rage rabi” shi ke jefa yara rami, domin cikin firgicin jarrabawa sai su juya ta. Ya fi a rubuta 59, 60, 61 a jere, a zagaye waɗanda tambayar ta haɗa, a ja iyaka tsakanin ta ciki da ta waje.

Gyaran ba ya ceton kimantawar da tun farko ba ta dace ba. Littattafai da yawa suna sharɗanta np da n(1 − p) kowanne ya kai 5, wasu su ce 10. Idan n = 100 amma p = 0.02, np biyu ne kawai, zanen ya karkace gefe guda, tsarin Poisson ya fi dacewa. Kuma idan tambayar kan nauyi ko tsawo ce tun asali, babu rabin da za a taɓa.

Malamai masu rubuta tambaya da hannu, don Allah ku riƙa sa “aƙalla” ko “fiye da” da kalmomi kusa da alamar.