Ɗanladi ko Danladi? Yadda suna ke rikicewa a takardun Jamus

Haruffa huɗu ne a rubutun boko suke da lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da kuma ƴ, wadda ake rubutawa haka a Nijar, a Najeriya kuwa 'y. A makaranta malami zai yi wa yaro faɗa in ya manta da su. Amma ga wanda ya je Jamus karatu, aiki ko aure, lanƙwasar nan tana iya jawo masa zirga-zirgar ofisoshi.

Tushen matsalar yana cikin kwamfutocin hukuma. A shekarar 2022 Jamus ta fitar da wani ma'auni mai suna DIN 91379, wanda ya jera haruffan da dole tsarin gwamnati ya iya karɓa a sunayen mutane. Akwai ɗaruruwan haruffa a ciki, har da na Turkanci da na Biyetnam, amma haruffanmu huɗu ba sa cikin jerin. Don haka in ka rubuta Ɗ a fom, ma'aikaci zai laluba ya ɗauko wanda ya fi kama da shi. Wani zai sa D, wani zai zaɓi Đ mai gilmammen layi, wani tsarin kuma ya mayar da harafin alamar tambaya. Sai ka ga mutum ɗaya da suna uku.

Abin da Jamusawa ke dogara da shi shi ne fasfo. Suna kwafe sunan baƙo ne harafi bayan harafi daga takardar da ƙasarsa ta ba shi. A ƙasan shafin da ke da hoto akwai layuka biyu da na'ura ke karantawa, kowanne da gurbi 44, kuma ba sa ɗaukar komai sai A zuwa Z, lambobi da alamar <. Su kansu Jamusawa ƙa'idar ba ta bar su ba: a nan ü takan koma UE, ß ta koma SS.

A ɗauki misalin wata mai suna Sa'adatu Ɗanladi. Layin farko na fasfonta zai fito haka:

```
P<NGADANLADI<<SAADATU<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<
```

Lanƙwasa ta tafi, alamar da ke tsakanin a biyun ma ta faɗi. Da ta sami masauki, doka ta ba ta mako biyu ta yi rajistar adireshi, wato Anmeldung. Wannan rajista ita ce uwa, domin daga gare ta ake aiko da lambar haraji, kuma takardarta ake nunawa a wurare da dama. In Sa'adatu ta rubuta Ɗanladi a gurbin Familienname, ma'aikaciya kuma ta buga Đanladi, kuskuren ya shiga ke nan. Ba lalle ta gane ba sai ranar da ta je ofishin rajistar aure da haihuwa, Standesamt, inda ake jera fasfo da takardar haihuwa da fassararta ana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Bambancin harafi guda ya isa a dakatar da fayil ɗin har sai an kawo hujjar cewa mutum ɗaya ne.

Maganin kuwa mai sauƙi ne tun ran gini tun ran zane. Kafin ka bar gida, jera fasfo da takardar haihuwa da takardun makaranta ka duba. In ɗaya ta ce Danladi, wata ta ce Dan Ladi a rabe, a gyara a can. A Jamus kuma, duk fom ɗin da ka cike, kwafi sunan yadda yake a saman shafin fasfo, kada ka ƙara lanƙwasa ko alamar da babu ita a wurin, kada kuma ka sauya jerin sunayen. In za a fassara maka takarda, miƙa wa rantsattsen mai fassara kwafin fasfo domin ya ga rubutun da hukuma ta sani.

Sannan kada ka tashi daga gaban ma'aikaci sai ka karanta abin da ya buga. A ofishin rajistar adireshi, nuna fasfo kan isa a gyara kuskure. Amma in ya riga ya shiga rajistar aure ko ta haihuwar ɗanka, gyaran yana da nasa matakan, wani lokaci ma sai kotu ta ba da umarni.

Lanƙwasa tana da gurbinta a wasiƙa, a littafi da katin gayyatar suna. A takardar hukuma kuwa, mai karatu, abin da fasfonka ya ce shi za ka rubuta.