Yadda Ake Gano Canjin da Ya Ɓata Manhaja ta Hanyar Raba Tarihi Biyu

Manhaja ba ta zama yadda aka fara rubuta ta. Kullum masu aikinta suna cikin ƙari da ragi da gyara, kuma a cikin wannan taɓe-taɓen ne wani abu da yake aiki lafiya a da yakan lalace ba tare da kowa ya lura ba. Irin wannan matsala ita ake kira koma-baya: an san abin ya taɓa yin daidai, an kuma san yanzu ba ya yi. Tambayar da ke gaban mai gyara ita ce wane canji ne, a cikin ɗaruruwa ko dubban da aka yi, ya jawo ɓarnar.

Amsar tana cikin tarihin da ake adanawa. Yawancin masu rubuta manhaja a yau suna amfani da Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin tafiyar da aikin Linux. Duk lokacin da mai rubutu ya kammala wani ɗan canji, sai ya adana shi da umarnin `git commit`. Kowace ajiya tana ɗauke da hoton yadda dukkan fayiloli suke a lokacin, da sunan wanda ya yi ta, da ɗan bayani, da wata doguwar lambar shaida mai haɗe da haruffa da alƙaluma. Kowace ajiya ta san wadda ta gabace ta, saboda haka suna jere kamar sarƙa, kuma ana iya mayar da manhajar ga kowace daga cikinsu a ga yadda take aiki a wancan lokacin.

Bin ajiyoyin ɗaya bayan ɗaya zai kai ga amsa, amma aikin gajiya ne. Mai gyaran lantarki da ke neman inda doguwar waya ta katse ba ya bin ta taku-taku. Tsakiya yake zuwa ya auna. In akwai wuta a nan, matsalar tana gaba. In babu, tana baya. Da awo ɗaya ya sallami rabin wayar. Haka umarnin `git bisect` yake yi da tarihin manhaja. Ana nuna masa ajiya ɗaya mai kyau da ɗaya marar kyau, sai ya fito da ta tsakiya a gwada, ya jefar da rabin da ba a bukata, ya sake raba ragowar. Ribar tana cikin lissafi: ajiya 1,000 ba ta wuce gwaji 10, ajiya miliyan ɗaya kuma gwaji 20 ya ishe ta. Shi ya sa masu aikin Linux, inda canje-canje sama da 10,000 kan shiga tsakanin fitowa ɗaya da mai bi mata, suke yawan roƙon wanda ya kawo ƙorafin koma-baya ya yi wannan bincike a kan kwamfutarsa. Gwaji kamar 14 kan fito da canjin, ko da mai gwadawar bai fahimci abin da aka rubuta a ciki ba.

A ɗauki misalin manhajar da ke buga rasit a kanti. Kaya na naira 2,000, an yi ragin kashi 10 cikin ɗari, ya koma 1,800. Aka ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari, wato naira 135, jimla 1,935. Haka tsohuwar fitowa mai alamar `v2.3` take bugawa. Ta yanzu kuwa 1,950 take bugawa, kuma ajiya 640 ce aka yi tun daga waccan zuwa yau. Kafin a taɓa komai, sai an sake gwada `v2.3` ɗin an ga 1,935 da ido, domin dogaro da “na tuna tana aiki” ya sha kai mutane ga bincike marar tushe. Sannan a adana duk wani aikin da ba a gama ba, tunda Git zai riƙa sauya fayilolin da ke gaban mutum. Daga nan sai a fara:

```
git bisect start
git bisect bad
git bisect good v2.3
```

Layi na biyu yana cewa inda ake a yanzu ba kyau, na uku kuma yana nuna inda aka tabbatar da lafiya. Nan take Git zai mayar da fayilolin ga ajiyar tsakiya, ya rubuta a allo:

```
Bisecting: 319 revisions left to test after this (roughly 8 steps)
```

Ma’anarsa ita ce bayan wannan gwaji saura ajiya 319 da ba a san halinsu ba, kuma kamar gwaji takwas ne ya rage. Sai mai binciken ya harhaɗa manhajar, ya sa 2,000 da ragin kashi 10, ya duba. In ya ga 1,935 ya rubuta `git bisect good`, in ya ga 1,950 ya rubuta `git bisect bad`. Waɗanda ake zargi sai su ragu daga 640 zuwa 320, zuwa 160, 80, 40, 20, 10, 5. A gwaji na tara ko na goma Git zai fito da lambar shaidar ajiya guda, tare da kalmomin `is the first bad commit`, wato ita ce ta farko da matsalar ta bayyana a cikinta.

A nan ne aikin hankali yake farawa. Da `git show` ake ganin layukan da ajiyar ta canza. A wannan misali, a ce bayaninta “gyara tsarin lissafi” ne kawai, kuma a ciki an ɗaga layin haraji ya koma saman layin ragi. Harajin sai ya zama na 2,000, wato 150, maimakon na 1,800. Ga naira 15 ɗin da ta ƙaru. Abin da zai ci kwanaki ana lalube a fayiloli da yawa ya koma karanta layuka ƙalilan. In an gama, `git bisect reset` ne yake mayar da mutum inda ya taso. Wanda ya manta da shi yakan ci gaba da rubutu a kan tsohuwar ajiya, ya yi ta mamakin ina sabon aikinsa ya shige.

Idan gwajin abu ne da kwamfuta za ta iya yi da kanta, ba sai mutum ya zauna yana amsawa ba. Ana rubuta ɗan gajeren fayil na umarni:

```
#!/bin/sh
make || exit 125
[ "$(./rasit 2000 10)" = "1935" ]
```

Bayan an nuna ajiya mai kyau da marar kyau, sai a rubuta `git bisect run ../gwaji.sh`, Git ya yi ta gwadawa har ya kai ƙarshe. Yana gane sakamako ne daga lambar da fayil ɗin ya fita da ita: 0 na nufin lafiya, 1 zuwa 127 na nufin ba kyau, ban da 125 wadda aka keɓe wa ajiyar da ba ta gwaduwa. Lambar da ta haura 127 kuwa tana tsayar da binciken gaba ɗaya. An ajiye fayil ɗin a wajen babban fayil na aikin da gangan, don kada sauye-sauyen da Git yake yi su taɓa shi.

Wannan lamba ta 125 ta cancanci a tsaya a kanta. A kowane dogon tarihi akwai ajiyoyin da manhajar ba ta ma harhaɗuwa a kansu, saboda wani kuskure dabam da aka gyara daga baya. Kiran irin wannan ajiya “marar kyau” kuskure ne babba, domin ba matsalar da ake nema ba ce ta hana ta aiki. Abin da ya dace shi ne a tsallake ta da `git bisect skip`, Git ya zaɓi wata a kusa. Sai dai tsallakewa tana da nata tsadar. In ajiyoyin da aka tsallake suna maƙwabtaka da mai laifin, Git ba zai iya nuna guda ɗaya ba. Jerin waɗanda ake zargi zai bayar, mutum ya ƙarasa da karatu.

Babban raunin wannan dabara shi ne ba ta shakkar abin da aka gaya mata. Amsa ɗaya ta kuskure tana jefar da rabin da mai laifin yake ciki, kuma Git zai ci gaba ba tare da wani ƙorafi ba har ya nuna wata ajiyar da ba ruwanta. Alamar hakan a fili take: ana binciken lissafin haraji, sai a ga an nuna ajiyar da ta canza launin tambarin kanti. Sanadin yakan zama ɗaya daga abubuwa biyu. Ko dai ba a sake harhaɗa manhajar ba bayan Git ya sauya fayiloli, aka gwada tsohuwa ana zaton sabuwa ce, ko kuma matsalar irin mai zuwa tana ɓacewa ce. Idan sau ɗaya take bayyana a cikin gwaji biyar, ganin lafiya sau ɗaya ba hujja ba ce. Ganin matsalar sau ɗaya ya isa a ce ba kyau, amma kafin a ce lafiya sai an maimaita sau da yawa. In an gane an yi kuskure, ba sai an koma farko ba: `git bisect log` yana fitar da dukkan amsoshin da aka bayar, a adana su a fayil, a goge ta kuskuren da duk na bayanta, a yi `git bisect reset`, sannan a maido da sauran da `git bisect replay`.

Dabarar tana kuma ɗauka cewa juyi ɗaya ne aka yi, daga lafiya zuwa lalacewa. In matsalar ta taɓa shiga, aka gyara, ta sake dawowa, Git zai nuna ɗaya daga cikin wuraren juyin, ba lallai wanda ake nema ba. Tarihi mai rassa, inda mutane da dama suka yi aiki a gefe aka haɗe daga baya, ba ya gagarar Git, domin yana zaɓar ajiyar da ta fi raba waɗanda ake zargi daidai. Wani lokaci ma wurin haɗewar ne yake zama mai laifi: rassa biyu kowanne lafiya lau shi kaɗai, haɗuwarsu ce ta kawo ɓarna. Haka nan ajiyar da aka nuna ba kullum ce asalin cutar ba, wani lokaci tsohon kuskure ne da ke kwance ta tono. Hanyar tabbatarwa ita ce a warware ta da `git revert` a kan manhajar yanzu a ga ko matsalar ta tafi.

Amfanin sakamakon ya danganta da yadda aka rubuta tarihin tun farko. In ajiyar da Git ya nuna ta canza layi 20, an gama. In kuwa aikin wata guda ne aka cusa a ciki, fayil 80 a dunƙule, to binciken ya rage zato ne kawai, sauran aikin yana nan. Wannan ne dalilin da ya sa ƙa’idar aikin Linux ta bukaci kowane canji ya yi abu ɗaya, kuma manhajar ta harhaɗu ta yi aiki bayan kowannensu.