Babi Guda a Jadawali Ɗaya

Ɗalibi mai neman taƙaita babin tsarin OSI, wanda aka fitar a 1984, ya ja layi bakwai da ginshiƙai uku: sunan hawa, aikinsa, da ƙa'idojinsa. Ya soma daga ƙasa, inda waya da sigina suke.

A hawa na uku ya rubuta IP, mai nema wa saƙo hanya da adireshi. Na huɗu gidan TCP ne, mai tabbatar da saƙo ya isa cif, da UDP, wanda ba ya jiran amsa. Na bakwai kuwa HTTP da DNS.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ARP, domin yana haɗa adireshin IP da na MAC, ƙafarsa ɗaya a hawa na biyu, ɗaya a na uku. A ganina gara a rubuta shi a kan iyakar, kada a tilasta masa gida ɗaya.