Bitar yini ɗaya ga malaman sa-kai na Islamiyya

Yawancin masu sa-kai a makarantun Islamiyya na unguwa tsofaffin ɗaliban makarantar ne: sun sauke, sun karanta Ahalari da Ishmawi, sai kawai aka miƙa musu alli. Karatu suna da shi, riƙe aji mai yara hamsin ne ba wanda ya koya musu. Saboda haka bitar yini ɗaya, a ganina, bai kamata ta ƙare a jawabai ba. Ranar gwaji ce.

A zaɓi rana cikin hutun zango, a fara da ƙarfe 8:30 na safe. Kafin 10:00 a daidaita baki. Kowane malami ya karanta Fatiha da gajeriyar sura ɗaya a gaban mai tajwidi. Nan ake gane wanda ya taso da ruwayar Warshu a makarantar allo da wanda ya koyi Hafsu. A ayar Fatiha da ke maganar ranar sakamako, Hafsu na jan kalmar farko, Warshu ba ya ja. Duka biyun ingantattu ne, amma idan malamin aji ɗaya ya biya wa yaro da wannan, na aji biyu ya ce masa kuskure ne, yaron ne zai rikice. Makaranta ta tsayar da ruwaya ɗaya tun a wannan zama.

Daga 10:30 zuwa Azahar shi ne zuciyar bitar. Mai horarwa ya koyar da Suratul Asri, ayoyi 3, cikin minti 40, malamai na zaune a matsayin yara. Minti 10 na farko a maimaita karatun jiya. Minti 15 ya biya aya ɗaya-ɗaya, aji ya amsa, sannan sahu-sahu. Ragowar lokacin a saurari mutum ɗaya-ɗaya, domin amshin taro yana ɓoye yaron da leɓe kawai yake motsawa. Surar ta dace da gwaji don harafin sad da sin duk suna cikinta, kuma bakin Bahaushe yakan mayar da su abu guda. Bayan nan a raba su biyar-biyar, kowa ya koyar na minti 10, 'yan'uwansa su faɗa masa abu ɗaya da zai gyara. Ɗaya tak, don wanda aka jera wa laifi goma ba ya dawowa.

Bayan salla da abinci sai maganar tarbiyya. A rubuta ƙa'ida kowa ya sa hannu: a ajiye bulala, ba zagi, malami ba ya keɓewa da yaro a aji a rufe, ƙananan yara kuma ba a sallamarsu sai ga wanda aka sani. A nuna musu yadda ake cike rajista, da shafin da ke nuna ayar da kowane yaro ya tsaya.

Kafin La'asar kowa ya rubuta darasinsa na makon farko, a kuma haɗa shi da tsohon malamin da zai zauna a ajinsa sau ɗaya cikin makonni biyu masu zuwa.