Bidiyon Yana Nan, Amma Ba Kowa Ke Ganinsa Ba

A zangon karatun da ya gabata na ba ɗalibaina aikin gida a kan yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Na tura musu adireshin wani shirin tarihi da ke YouTube, na ce kowa ya kalla ya rubuto mini shafi biyu. Ranar karɓar aiki sai wasu suka zo hannu rabbana, suna rantsuwa cewa an goge bidiyon. Na ciro wayata na buɗe a gabansu, ga shi nan yana tafiya lafiya lau. Na yi musu faɗa sosai, domin na ɗauka lalaci ne aka yi wa ado da uzuri.

Washegari wata ɗaliba ta same ni a ofis, ta ce, “Malam, don Allah ka zo ɗakin karatu ka gani da idonka.” Muka je, ta rubuta adireshin a kwamfuta. Sai allo ya yi baƙi, da ɗan rubutun Ingilishi da ke cewa ba a iya kallon bidiyon muddin Restricted Mode na kunne. Ashe duk waɗanda na yi wa faɗa da intanet ɗin makaranta suke aiki, waɗanda suka gani kuwa da datar wayoyinsu suka kalla. Na ba su haƙuri a gaban aji, sannan na zauna na bi diddigin abin.

Kuskurena shi ne ɗaukar da na yi cewa idan mai bidiyo ya sa masa alamar Public, to magana ta ƙare. Alamar nan izini ce daga ɓangaren mai ɗorawa kawai, wato shi bai hana kowa ba. A ɓangaren mai kallo akwai wata matata daban, wadda YouTube ya fito da ita tun 2010 domin iyaye da makarantu da ɗakunan karatu. Idan tana kunne, bidiyon da ta tace ba ya fitowa a bincike, ba ya fitowa cikin waɗanda ake nuno wa mutum, ko shafin mai shi ka shiga ba za ka gan shi ba. Ɗalibata ta ga saƙo ne don tana da adireshin a hannu. Wanda ya nema da suna kuwa ba a gaya masa komai, sai ya tashi da yaƙinin cewa babu irin wannan bidiyo a duniya.

To me ya sa shirin tarihi, wanda babu batsa ko ashar a cikinsa, zai faɗa cikin rariyar? Mutane da yawa sun ɗauka matatar nan ta tsiraici ce kaɗai. Ƙa'idojin da kamfanin ya wallafa sun fi haka faɗi. Akwai maganar giya da miyagun ƙwayoyi, da zancen jima'i, da zagi, da kalaman cin mutunci. Akwai kuma tashin hankali, har wanda ke cikin labarai, da cikakken bayani a kan yaƙi ko ta'addanci ko rikicin siyasa da aka rasa rayuka a cikinsa, ko da ba a nuna hoton gawa ko ɗaya ba. Shirinmu ya yi maganar yunwa da kisa dalla-dalla, kamar yadda duk shirin gaskiya a kan wannan yaƙi zai yi. Bai karya wata doka ba, shi ya sa ba a cire shi ba. Batunsa ne aka ga ya yi wa yaro nauyi.

Hanya biyu ce ke kai bidiyo ga wannan matsayi. Yawanci na'ura ce ke yanke hukunci, tana duba taken bidiyo, da bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa, da irin kalmomin da aka furta a ciki. Na'ura kuwa ba ta san niyya ba. Malamin da ke gargaɗi a kan shan ƙwaya da wanda ke tallarta duk kalma ɗaya ce ke fita daga bakinsu. Hanya ta biyu ita ce a sa wa bidiyo iyakar shekara 18, wanda hakan kan fitar da shi daga idon masu matatar. Bambancin na da muhimmanci ga mai ɗorawa: idan aka sa iyakar shekaru akan sanar da shi, yana kuma iya ɗaukaka ƙara, amma tacewar na'ura shiru ake yin ta. Sai dai ya kunna matatar da kansa, ya shiga shafinsa ya ƙirga abin da ya ragu.

An kai wannan magana har kotu a Amurka. A 2017 wata ƙungiyar masu ra'ayin riƙau mai suna PragerU ta kai ƙarar Google, tana cewa tace bidiyoyinta tauye 'yancin faɗar albarkacin baki ne. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da hujjar, bisa cewa YouTube kamfani ne mai zaman kansa, ba gwamnati ba.

Abin da ya fi ɗaure wa ɗalibaina kai shi ne babu wanda ya kunna komai a cikinsu. A waya, maɓallin yana cikin Settings, ƙarƙashin General, kuma aikinsa bai wuce wannan wayar ko wannan burauzar ba. Amma mai kula da intanet ɗin makaranta yana iya kunna wa kowa daga tushe. Yakan saita tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa adireshinsa, ta yadda duk wanda ya nemi www.youtube.com za a karkatar da shi zuwa restrict.youtube.com, mai tsananin tacewa, ko restrictmoderate.youtube.com, mai sassauci. Daga nan duk na'urar da ta hau wannan layi ta shiga rariya, har wayarka ta kanka, kuma maɓallin ba zai kashu ba. Haka abin yake ga asusun da makaranta ta buɗe wa ɗalibi, ko wayar yaron da iyaye ke sarrafawa ta Family Link.

Gane shi ba wuya. Idan ka buɗe bidiyo bayan bidiyo ba ka ga sharhin masu kallo ba, alama ce, domin matatar tana ɓoye sharhi gaba ɗaya. Idan ka sauka daga layin makaranta ka hau datarka bidiyon ya dawo, to daga layin ne. Shafin youtube.com/check_content_restrictions kuma yakan nuna ko daga layi ko asusu aka sa takunkumin.

Ban ga laifin makarantar da ta kunna matata ba, domin kwamfutocin nan na kowa ne, kuma na san abin da wasu za su yi da su in an sake. Inda na ja da su shi ne zaɓen mataki mafi tsanani a wurin da manya ke karanta tarihi da aikin jarida, ba tare da an manna ko ɗan takarda a bango an sanar ba. Da na je wurin jami'in, sai ya ce shi ma haka ya gaji saitin, kuma babu malamin da ya taɓa kawo ƙorafi. Ya mayar da layin ɗakin karatu kan matsakaici, shirinmu ya buɗe. Wani na biyu da na gwada, a kan juyin mulkin Janairu 1966, bai buɗe ba har yanzu. Shi ya sa a wannan zangon nake zuwa ɗakin karatu da jerin bidiyoyina, in gwada su ɗaya bayan ɗaya a kwamfutar da ɗalibai za su zauna, kafin in rubuta su a allo.