Tsohuwar Saba a Gaban Odita: Abin da Ake Rubutawa a Rajistar Haɗari

Ranar 9 ga Yulin 2024 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga SQL Server 2014, manhajar da ma'aikatu da yawa ke ajiye bayanansu a ciki. Washegari ba abin da ya tsaya: albashi na fita, rasit na buguwa. Sai dai duk wata kafa da masu kutse suka gano daga ranar, ba mai aiko gyaranta kyauta.

A ɗauka wata ma'aikata tana ajiye bayanan albashi a irin wannan saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗibar bayanai daga gare ta. Odita ya zo bincike, ma'aikaci ya buga `SELECT @@VERSION`, allo ya nuna lamba mai farawa da `12.0`. Asiri ya tonu. Abin da odita zai nema nan take shi ne rajistar haɗari, kundin da ake jera duk abin da ka iya jawo wa ma'aikata asara.

Rubuta "sabarmu ta tsufa" ba ya gamsar da shi. Yana son ganin dalili, da abin da ka iya faruwa, da irin ɓarnar: manhajar ba ta samun gyaran tsaro, don haka mai kutse na iya kwashe lambobin asusun ma'aikata ko ya kulle rumbun a hana biyan albashi. Sannan a ba haɗarin maki. A ma'aunin da ke tsayawa a biyar, idan yiwuwa ta ci 4, ɓarna ta ci 5, an sami 20 cikin 25. Dole kuma a sa sunan mutum guda da alhakin ke wuyansa, ba "sashen kwamfuta" ba.

Shirin gyara hawa biyu ne. Na wucin gadi: a raba sabar da intanet, a toshe ƙofar `1433` ga kowa sai kwamfutocin ofishin albashi, a sayi ƙarin gyaran tsaro da Microsoft ke sayarwa shekara-shekara, wanda shi ma zai ƙare a Yulin 2027. Da haka makin na iya sauka zuwa 10, amma ba a rufe batun ba.

Na dindindin shi ne ƙaura zuwa SQL Server 2022. Ana ɗaukar kwafin rumbun, a zuba shi a sabuwar saba, a duba lafiyarsa da `DBCC CHECKDB`, a lissafa albashin wata guda a tsohuwa da sabuwa a ga ko sun yi daidai. Galibi a nan ake cin tuntuɓe, domin tsohuwar manhajar albashi kan ƙi aiki da sabon rumbu.

Kowane mataki na bukatar ranar kammalawa da shaida: hoton allo, rahoton gwaji, takardar amincewa da kuɗin aikin. Idan ranar ta wuce ba a gama ba, sai shugaban ma'aikatar ya sa hannu cewa ya yarda da ragowar haɗarin zuwa wata ranar da aka ambata.